Alhakin Baiwar Allah Nan

Murja ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kaf gidanmu na Garo ba a taɓa haihuwar matsoraciya irinta ba. Tana yarinya, ƙadangare ɗaya a kan katanga ya isa ya hana ta zuwa banɗaki. In an yanka kaza sai ta shige ɗaki ta toshe kunne. To wai wannan yarinyar ce ta tashi ta zama malamar asibiti, mai zarge hannu ta karɓi haihuwa. Ranar da ta ce makarantar koyon aikin lafiya za ta, na yi dariya har da riƙe ciki. Baba, Allah ya jiƙansa, ya harare ni ya ce in bar ta, wanda yake jin tsoro ba ya wasa da ran mutane.

Ni karatuna a firamare ya tsaya. Ina karanta Hausa tsaf, amma Turancina bai wuce na gaisuwa ba, shi ma in an yi min tambaya ta biyu na shiga uku. Ɗinki nake yi, kuma ba na rasa abin faɗa, wannan kowa ya shaida. Murja kuwa bakinta biyu ne, kuma tun tana sakandare na gano amfanin da take yi da su. In Inna ta yi mata faɗa, sai ka ji tana gunaguni da Turanci. In malamin makaranta ne ya ɓata mata rai, da Hausa take ƙunƙuni ƙasa-ƙasa, don yawancin malamansu masu bautar ƙasa ne daga kudu. Duk wanda take tsoro, sai ta gudu cikin yaren da ba ya ji. Na sha tsokanarta a kan haka, ban san wata rana abin zai kusa cin aikinta ba.

Da ta gama aka turo ta ƙaramin asibitin da ke gefen garinmu. Mijinta direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanya, don haka kusan kullum tare muke. Mata suna son ta. Ba ta tsawa, ba ta zagin mai naƙuda, kuma in ta ga abin da ya fi ƙarfinta ba ta jin kunyar cewa a wuce babban asibiti. Sau ɗaya tak na san ta ɗaga murya a wurin aiki, kuma wannan sau ɗayan shi ne tushen labarin nan.

Daminar bara ce. Akwai wata yarinya Lailatu, matar Malam Sajo mai harkar shanu, daga wani ɗan ƙauye bayan garinmu. Cikin fari ne, ya tsufa. Ta zo awo ƙafafunta a kumbure, tana kukan ciwon kai, Murja ta auna ta ta ga jininta ya hau sosai. Ta rubuta musu takarda ta ce a ranar, ba gobe ba, a kai ta babban asibiti. Wadda ta rako ta Inna Uwaliya ce, goggon Sajo, tsohuwar da ta riƙe shi tun yana maraya, kuma ita ce ungozomar ƙauyensu. Ta karɓi takarda ta ce to.

Ba a kai ta ba. Sai da aka kwana aka wuni, sannan aka shigo da ita asibitin Murja a kwance tana jijjiga, tana taune harshe. Murja ta yi mata allurar da ake yi wa mai jijjiga, ta shiga mota da ita da kanta, amma kafin su kai, rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta. Da aka dawo da gawa, Murja ta ga Inna Uwaliya a bakin asibiti, sai ta fashe. A gaban jama'a ta ce mata ita ta zaunar da yarinya a gida tana ɗirka mata jiƙe-jiƙe, ga shi nan ta ga abin da ta jawo. Tsohuwa ta ja mayafinta ta bi gawa.

Bayan an share makoki wata maƙwabciyar su Lailatu ta zo awo, ta ba Murja ainihin labari. Ashe Sajo ya tafi fataucin shanu can inda waya ba ta shiga, kuma da zai tafi ya ce kada a fita da Lailatu ko'ina sai ya dawo, don hanya ta lalace da ruwa ga ta da nauyi. Tsohuwar nan ta bi mazan gidan ɗaya bayan ɗaya da takardar Murja a hannu tana roƙo, kowa ya ce mata sai maigida ya dawo. Da jijjiga ta fara, ita ce ta fita titi ta tare mota ba da izinin kowa ba. Kuma da Sajo ya dawo ya tarar da kabari, gidan suka haɗa baki suka ce masa farat ɗaya ciwon ya zo, don kada ya zauce.

Ranar Murja ta zo ɗakina ta zauna a kan buhun yadi ta yi ta kuka. Na ce ta je ta ba tsohuwa haƙuri mana, ai ba cizo take ba. Ta ce za ta je. Kullum za ta je.

Bayan damina wata ƙungiya ta shirya wa ma'aikatan lafiya horo a Gwarzo, aka sa sunan Murja. Shugabar horon wata mata ce daga can kudu, Madam Eno, mutuniyar kirki amma Hausarta ba ta wuce sannu ba. Cikin abin da ta sa su, har da wani irin rubutu da ban taɓa ji ba: kowa ya ɗauki wani abu da ya faru da shi a aiki, ya faɗi yadda aka yi, da abin da ya ji a ransa, da abin da zai gyara nan gaba. Da Turanci ake yi. Ta ce kada a ambaci sunan kowa. Ta kuma ce in akwai maganar da Turanci ya kasa ɗauka, a bar ta da Hausa, a karkatar da haruffanta don a gane baƙuwa ce, amma a bi ta da bayani saboda wanda ba ya ji.

Murja ta rubuta labarin Lailatu. Ta cire sunaye kamar yadda aka ce, sai dai a garin da kowa ya san wadda jijjiga ta kashe da damina, cire suna wahalar banza ce. Wuri uku ta bar Hausa. Na farko kalmar jijjiga, ta kuma bi ta da bayani yadda aka koya musu. Na biyu, sai maigida ya dawo, don ta ce a Turance maganar ba ta da nauyin da take da shi a bakin mazan gidan. Na uku shi ne wanda ya fi mata ciwo, inda ta zo faɗin abin da ta yi wa tsohuwa. Nan halin nata na yarinta ya motsa. Ta ji kunyar Madam ta san ta ci mutuncin dattijuwa a kan ƙarya, sai ta taƙaita zancen a Turance, ta ce daga baya ta gane tsohuwar ta yi iya ƙoƙarinta, sannan ta tsallaka Hausa ta rubuta: na ɗauki alhakin baiwar Allah nan. Ba bayani, ba a faɗi wace baiwar Allah ba. Ta tura a zauren wayar da ’yan horon suke haɗuwa.

Ni ce na fara ganin abin a gidanmu. Ina kan keken ɗinki wata mai kawo min aiki ta miƙo min wayarta, ta ce wannan ba rubutun ƙanwarki ba ne? Wani cikin ’yan horon ya fitar da shi, ya bi wayoyi. Na duba, Turanci ne baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, sai layukan nan uku a karkace suna kallona. Na karanta jijjiga, na karanta sai maigida ya dawo, na zo na ukun. Wallahi sai da na tsayar da keken. Ni da na san labarin daga bakinta, sai da na ce a raina ko dai akwai abin da yarinyar nan ta ɓoye min, ko allurar ce ba daidai ba? In ni yayarta na yi wannan tunanin, me kake zato ga wanda bai san komai ba?

Ba a jima ba magana ta zagaye Garo cewa malamar asibiti ta amsa laifi a takardar Turawa, ita ta kashe matar Sajo. Mata suka ɗauke ƙafa daga awo. Wadda naƙuda ta kama sai a wuce da ita Kabo a kan babur, ta gaban asibitin Murja.

Can kuma Gwarzo wata wutar ce. Madam Eno ta zo layin nan ba bayani, sai ta sa shi a manhajar fassara ta waya. Kowa ya san yadda muke faɗar maganar nan: ka zargi mutum da abin da bai yi ba, ka ɗauki alhakinsa. Amma a rediyo kullum ana cewa wasu sun ɗauki alhakin kai hari, wato sun amsa su suka yi, kuma wannan ma'anar wayar ta ba ta. Kalmar da ta fito ita ce risponsibul. Na ji ta a kwanakin nan har na haddace, ita kaɗai ce Turancina bayan gaisuwa. Ga mace ta mutu a layin sama, ga ma'aikaciya a layin ƙasa tana cewa ita ce risponsibul. Ban ga laifin Madam ba, aikinta ne ta kai rahoto. Aka ce Murja ta dakata da karɓar haihuwa, ta zo Gwarzo ta yi bayani.

Na raka ta. Ta yi amai a hanya, direba yana ta mita ni kuma na wanke shi tas. Abin da take tsoro a fili yake: in aka karɓe takardar aikinta, shekarun karatunta sun tafi, kuma sunan mai kisa ya zauna mata har abada. A ofis muka tarar da Madam Eno da wani dattijo Malam Hambali daga sashen lafiya, mai jin yarukan biyu. Ya sa tabarau ya karanta daga farko har ƙarshe, ya koma ya sake, sannan ya tambayi Murja da Hausa wace ce baiwar Allah nan, mamaciyar ko tsohuwar. Ta ce tsohuwar. Ya ce haka shi ma ya zata, amma zato ne, ba ta rubuta ba.

Ya ce ta yi wa Madam bayani da bakinta. Kalma shida ce a Hausa, amma na ga ƙanwata ta yi ta zuba Turanci tana share hawaye, tana kamo wannan ta saki ta kamo waccan. Daga baya ta ce min babu kalma ɗaya da ta ɗauke shi, sai da ta ce ta zargi tsohuwa a kan ƙarya, ta kunyata ta a gaban mutane, kuma nauyin hakan yana wuyanta har gaban Allah in ba a yafe mata ba. Madam Eno ta jawo takardu gabanta. Ta duba littafin awo da takardar turawar da Murja ta rubuta, ta ga komai daidai. Malam Hambali ya fassara min abin da ta ce: Hausar ba laifi ba ce, ita ce ma zuciyar rubutun, laifin shi ne barin ta tsirara. Da Murja ta bi ta da waɗannan jimlolin da ta faɗa yanzu, da babu wanda ya tayar da ita daga Garo.

Aka ce ta koma aiki. Na ɗauka an gama, har na sayi tsire a tasha. Murja ba ta ci ba. Ta ce min Madam rabi ce, saura ɗaya rabin, kuma shi ba ya karanta takardar ofis.

Saƙon Sajo ya riga mu isa gida: zai zo asibiti ya ga malama. Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin tsoro irinsu ba. An ce ya je wajen ’yan sanda, an ce a'a kotu zai kai, an ce ’yan'uwansa sun yi rantsuwa. Duk babur da ya tsaya a ƙofar asibiti sai Murja ta miƙe tsaye. Na rufe keken ɗinkina na koma zama da ita a baranda, da bakina da tsintsiya, su ne makamaina.

Wata rana bayan la'asar Sajo ya zo, shi da Inna Uwaliya a bayansa. Dogo ne, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya gaishe mu a tsanake, gajiya da iyali da aiki, bai tsallake ko ɗaya ba, kuma wannan natsuwar ta fi ihu ba ni tsoro. Ya ƙi zama a benci. Ya ciro waya mai fasasshen gilashi ya buɗe rubutun.

“Malama, ban zo da faɗa ba,” in ji shi. “An ce kin gaya wa masu Turanci ke ce. Ni Hausa kawai nake karantawa, kuma na ga inda kika rubuta. Ina so in ji daga bakinki.”

Murja ta durƙusa, ba a gabansa ba, a gaban tsohuwa. Ta ce baiwar Allah nan da ke cikin takarda ita ce Inna Uwaliya. Ta maimaita abin da ta faɗa mata ranar gawa, ta ce ƙarya ta yi mata, ta daɗe tana son zuwa tsoro ya hana ta, ta yafe mata don Allah. Inna Uwaliya ta kama kafaɗarta ta ce ta tashi, ita tun a ranar ta yafe, ai zafin rashi ne. Ta juya ta ce wa Sajo ya ji dai, yarinyar nan ba ta yi wa Lailatu komai ba sai alheri, su tafi kafin magariba.

Na saki ajiyar zuciya, har na fara gyara mayafi. Sajo bai motsa ba. Ya ja rubutun sama da yatsa, ya tsaya a layin tsakiya, ya juyo da wayar.

“Na gane wancan. Wannan fa? Sai maigida ya dawo. Wa ya faɗa, kuma me ake jira?”

Tsohuwa ta ce, “Sajo, tashi mu tafi.” Ruɗewarta ce ta tona komai, don dama tsaye yake. Ya dube ta, ya dubi Murja, ya ce a karanta masa Turancin da ke kewaye da layin, duka, kada a tsallake. In ba za ta iya ba, zai kai Kabo a karanta masa.

A barandar nan babu mai jin Turanci sai ita. Duk abin da ta ce an rubuta, shi ke nan. Na san ƙanwata, na ga idonta yana neman hanyar gudu, amma yau babu yaren da za ta shiga. Abin da ta ɓoye wa Madam a Hausa an riga an tono shi, yanzu ga wanda ta ɓoye wa mutanen gari a Turanci. In ta yi ƙarya, wani baƙo a Kabo zai karanta masa ba tausayi, kuma ba zai ƙara yarda da ko kalma ɗaya tata ba, har da wadda ta wanke ta. Ta karɓi wayar da hannu biyu.

Ta karanta layi da Turanci a ranta, ta faɗe shi da Hausa, ta wuce na gaba. Awon, da takardar, da tsohuwa tana bin ɗakuna. Ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Da ta zo inda ta rubuta cewa mijin ya bar umarnin ne don tausayin matarsa saboda lalacewar hanya, ta faɗe shi a hankali, ta sake faɗa. Inna Uwaliya tana kuka ba sauti.

“Da an kai ta ranar da kika ce fa?”

Murja ta ce Allah ne masani.

“Na san Allah ne masani. Ke nake tambaya, Malama.”

“Da yawa suna tashi,” in ji ta.

Sai ya zauna a ƙasa, a kan simintin baranda, ya ajiye hularsa a gefe. Yana nan zaune har aka fara kiran salla a masallacin kasuwa.

Aiki dai ya dawo hannun Murja. Inna Uwaliya da kanta ta dinga rako mata awo, sauran suka biyo. Har yau ba ta daina sa Hausa a rubutunta ba, amma kafin ta tura wa kowa sai ta kawo min waya ta ce in karanta layukan da na iya in gaya mata me na fahimta, kuma tana tsaye tana murza yatsu har in gama. Ina tsokanarta cewa na zama farfesa. Sai dai ba ma yin dariyar da nisa, don mu biyun muna tuna abin da Sajo ya faɗa da ya miƙe zai tafi. Ya kakkaɓe rigarsa, ya sa hula, bai kalli kowa ba.

“Ashe ni ma na ɗauki alhakinki, Malama, ki yafe min. Na Lailatu kuma ban san wa zan roƙa ba.”